Gwajin Jinin Yaya Kafin Azumi

Ni malamar lissafi ce, kuma shekara da shekaru ni nake haɗa sakamakon jarrabawa a makarantar 'yan matan da nake koyarwa. Shi ya sa a gidanmu duk takardar da aka ga lamba a jikinta, ni ake turo wa. Ba na ƙi, don na san hannuna. Lamba ba ta taɓa wahalar da ni ba, masu lambar ne suke wahalar da ni, kuma a cikinsu babu wanda ya kai yayana.

Yaya dillalin atamfa ne a Fagge. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini makaranta, shi ya aurar da ni. Mutum ne mai kirki, amma in ya kafe a kan magana, ko da ƙarfe ba a ɗaga shi. A waccan shekarar, tun kafin Sha'aban ya kama, matarsa ta lura ya rame, yana shan ruwa kamar ba gobe, kuma ba ya rabuwa da buta. Ta yi ta lallashi har ya yarda ya ga likita. Likitan ya rubuta masa gwajin jini, ya ce ya je da safe kafin ya ci komai, in sakamako ya fito ya dawo masa da shi. Yaya ya je wani gidan gwaji a Sabon Gari aka ɗebi jinin, suka turo masa sakamakon a waya. Daga nan sai ya ce shi da likita an gama.

Na san dalili, duk gidan ma an sani. Mahaifinmu da ƙafarsa ya shiga asibiti, aka ambaci ƙoda, aka yi ta wankin ƙodar, bai sake takawa ya dawo gida ba. Yaya ne ya yi jinyarsa. Tun daga lokacin, in aka ambaci sunan wata cuta a gabansa, tashi yake ya bar wurin. Ga azumi yana ƙaratowa, shi kuwa tun yana yaro bai taɓa shan ko ɗaya ba, kuma ya riga ya sanar cewa bana ma haka za a yi. Abin da ya hana matarsa barci ke nan: mutum ya shiga azumin zafi da jikin da babu wanda ya san halin da yake ciki.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga hoto ya shigo wayata, irin wanda ake ɗauka daga fuskar waya. A ƙarƙashinsa saƙon murya ne na Yaya, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Malama, duba min wannan, ki gaya wa mutanen gidan nan lafiyata ƙalau. Sun ishe ni. Sugana tara ne kacal. Alhaji maƙwabcina nasa ɗari da huɗu ne, ga shi nan yana shan shayinsa da madara, likita ya ce masa babu komai. To ni mai tara fa?"

Na buɗe hoton na ja shi da yatsa. Yaya ya zuƙo rubutun ne don ya gani da kyau kafin ya ɗauka, sai gefen dama gaba ɗaya ya yanke. Ga sunayen gwaje-gwajen a hagu, ga lambobin a tsakiya, amma babu ma'aunin da aka auna da shi, babu kuma layin da ke nuna iyakar da ake sa ran lambar lafiyayyen mutum ta faɗa ciki. Lamba tsirara ke nan. A aji, in yarinya ta rubuto mini amsa babu ma'auni, rabin maki take samu, wannan ma in na tashi da fara'a.

Ban gama kallo ba babbar 'yarsa ta kira ni. Ita tana aure a Rijiyar Lemo, kusa da ni, kuma halin ubanta ta ɗauko kaf, sai dai nata ya fi sauri.

"Gwaggo, kin ga abin da Baba ya turo? Na shiga intanet na duba. Wallahi ƙoda ce. Don Allah ki ce masa ƙoda ce, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki tsorata shi ya tafi asibiti."

Na ce, "Ke yaushe kika zama likita? Ni da na haife ki ma ban zama ba."

"Gwaggo, azumi fa ya zo!"

"Na sani. Ki bar ni da shi."

Uba yana so in ce lafiya lau, 'ya tana so in ce ƙoda. Kowannensu so yake in ara masa bakina ya yi magana da shi. Ni kuwa abu guda na iya, kuma na iya shi sosai: in ɗora lamba kusa da iyakarta in ce ta wuce, ko ba ta kai ba, ko tana ciki. Abin da ya wuce nan shiga sharo ne ba shanu.

Na saka mayafi na tari ɗan sahu zuwa Fagge. Na tarar da Yaya a kan benci a ƙofar shago, ya harɗe, gorar ruwa a gefensa ta kusa ƙarewa. Bayan mun gaisa na ce ya buɗe mini ainihin saƙon da aka turo masa. Ya ce ai ya goge, wai wayar ta cika. Ko ta cika ɗin ne, ko shi ne ya cika da ganinsa, Allah masani. Na ce to ya ba ni rasiti in je in karɓo takardar.

"Wace takarda kuma? Ba ga lambobin nan na turo miki ba?"

"Yaya, in mutum ya zo ya ce ka ba shi shida, me za ka ba shi?"

"Shida na me?"

"To ka ji. Ni ma abin da nake tambaya ke nan."

Ya harare ni, ya laluba aljihun gaba ya zaro rasitin a dunƙule. "Je ki, tunda wahala ce ba ki sha kin ƙoshi ba."

Gidan gwajin yana saman wani bene ne a Sabon Gari, ƙasansa masu sayar da kayan wuta. Matar da ke kan tebur ta karɓi rasitin, ta tambaye ni mece ce ni a wurin mai shi, har sai da ta kira lambar Yaya ya tabbatar da bakinsa kafin ta buga mini takardar. Hakan ya burge ni. Kafin in sauko na roƙi a kira mini wanda ya yi aikin, wani mutum mai farar riga da Hausarsa ta 'yan Sabon Gari. Tambaya ɗaya na yi masa: waɗannan iyakokin da aka buga a gefen dama, ko'ina haka suke?

Ya ce, "A'a, Hajiya. Kowane gidan gwaji da na'urarsa da hanyar aikinsa, iyakar takan ɗan bambanta. Na maza daban, na mata daban a wasu gwaje-gwajen. Ki gwada lambarmu da iyakarmu, kar ki ɗauko ta wani wuri. Fassara kuma ki kai wa likita, mu ba ma yi."

Na ce ni ma ba na yi, muka yi dariya, na sauko.

A gida na share teburin da nake makin jarrabawa a kai. Na yago takarda daga tsakiyar sabon littafi, na ɗauko rula na ja gidaje biyar: sunan gwaji, lambar Yaya, ma'auni, iyakar da aka buga, sai na ƙarshe inda zan sa hukuncin lissafi. Wasu gidajen gwajin sukan sa tauraro ko harafi kusa da lambar da ta fita daga iyaka, waɗannan ba su sa ba. Na fara da gwada hoton wayar da takardar layi bayan layi, don in tabbatar sakamako ɗaya ne, suna da shekaru da rana duk nasa ne, kuma an rubuta namiji. Sannan na shiga kwafa, ina sa yatsa a kan kowace lamba, don ɗigo ɗaya in ya goce ya isa ya tayar da gida.

Sukarin jini na wanda bai karya ba, 9.8, ma'auninsa mmol/L, iyakar da suka buga 3.9 zuwa 6.1. Na rubuta SAMA da jan biro. Sodiyam 138, iyaka 135 zuwa 145, yana ciki. Fotashiyam 5.0, iyaka 3.5 zuwa 5.0. Nan na ɗan dakata, don ya tsaya cak a bakin layi. Amma bakin layi cikin fili ne, bai tsallaka ba, sai na rubuta yana ciki, na ƙara da fensir cewa daidai kan iyaka yake. Yuriya 6.4, iyaka 2.5 zuwa 7.1, tana ciki. Kiretinin 128, iyaka 62 zuwa 115, SAMA. PCV, wanda mutanenmu suke kira yawan jini, kashi 37 cikin ɗari, iyaka 40 zuwa 54. Na rubuta ƘASA.

Ba zan ɓoye ba, da na kai kan kiretinin ɗin nan gabana ya faɗi. Na san kalmar, na sha jin ta a bakin ma'aikatan jinya lokacin ciwon ƙodar mahaifinmu. Na ajiye biro na yi kukana ni kaɗai, na wanke fuska. Amma sanin kalma daban, sanin abin da take nufi a jikin Yaya daban. Ban san me rashin shan ruwa ko wani magani yake yi wa lambar nan ba, ban san yadda take bara ba, ban san ko in an sake gwadawa haka za ta fito ba. Tsorona nawa ne, ba shi da gida a cikin gidaje biyar ɗin nan, don haka ban rubuta shi ba.

Washegari da la'asar na je gidan Yaya. Na tarar da 'yarsa ta riga ni, ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran a buɗe fili. Matarsa ta kawo mini ruwa ta koma gefe. Na shimfiɗa takardata a gabansa kusa da ta gidan gwajin.

Ya saka tabarau. Idonsa bai je ko'ina ba sai kan jan biron farko.

"Sama? Tara ce sama? Malama, ko kin fara tsufa ne? Na ce miki na Alhaji ɗari da huɗu ne."

"Yaya, mai yadi ashirin da mai turmi tara, wa ya fi kaya?"

"Mai turmi tara mana. Yadi hamsin da huɗu ke nan."

"Amma ai ashirin ta fi tara."

Ya kalle ni ta saman tabarau.

Na ce, "Sukarin jini da ma'auni biyu ake rubuta shi. Wasu gidajen da mg/dL, wasu da mmol/L. Ban ga takardar Alhaji ba, amma ɗari da huɗu sai a na farkon. Kai naka da na biyun ne, ga shi nan a rubuce. In kana son ka mayar da naka irin nasa, ninka shi za ka yi sau goma sha takwas."

Ban ba shi amsar ba. Ɗan kasuwa ba ya yarda da lissafin da ba shi ya buga ba. Ya ɗauko wayarsa ya danna, ya goge, ya sake dannawa. Na ga leɓensa yana motsi: ɗari da saba'in da shida da 'yan kai. Ya kife wayar a kan cinyarsa.

Can sai ya ce, "Ai ma na tuna, na sha shayi a safiyar nan kafin in fita."

Matarsa ta ce, "Haba maigida! Ko wuta ban kunna ba ka fita."

"A hanya na sha."

Na ɗauki fensir na rubuta a ƙasan takardar: ya ce ya sha shayi kafin gwaji, matarsa ta ce bai sha ba. Ya ce me nake rubutawa haka, na karanta masa. Na ce wannan magana ce mai muhimmanci, don iyakar da aka buga ta wanda bai ci komai ba ce, in ya sha to likita yana bukatar ya sani. Sai ya ce in goge, bai sha ba. Na goge.

'Yarsa ta kasa haƙuri. "Gwaggo, ki gaya masa na biyun! Ki gaya masa mene ne kiretinin!"

Nan take na ga Yaya ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Na san wannan motsin. Kalma ɗaya ta rage ya tashi, in ya tashi kuwa sai bayan Sallah.

Na ce, "Kiretinin ɗari da ashirin da takwas ne, iyakarsa ɗari da sha biyar. Ya wuce da sha uku. Abin da na sani ke nan."

Ya daina neman takalmin. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, irin kallon da yake mini ina yarinya in ya san na ɓoye wani abu.

"Malama, tsakaninki da Allah. Ina da ciwo ko ba ni da shi?"

"Tsakanina da Allah, Yaya, ban sani ba. Biyu sun yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, uku suna ciki. Na saman ba su ce kana da ciwo kaza ba, na cikin ma ba su ce ka tsira ba. Wanda ya rubuta gwajin shi ya san abin da yake nema, kuma ya ce ka koma."

"In na koma zai hana ni azumi."

"Ko ya hana, ko ya bari. Wannan ma ban sani ba."

Da na ce masa ƙoda ce, da ya samu abokin faɗa. Zai ce ni ba likita ba ce, kuma gaskiyarsa. Da na ce lafiya lau, da ya samu shaida ya rufe bakin kowa. Yanzu babu abin da ke gabansa sai lambar da ya buga da hannunsa. Ya naɗe takardun biyu ya sa a aljihu, ya ce a ba shi buta, magariba ta kusa. A ƙofar gida 'yarsa ta ce mini na ɓata dama, ta tafi ko sallama babu. Ban ji haushinta ba, ubanta take tsoron rasawa. Amma ban yi shakkar abin da na yi ba ko kaɗan.

Kwanaki suka ɗan shuɗe babu labari, har aka fara maganar duban wata. Wata safiya ina shirin fita makaranta sai na ji ana sallama. Yaya ne a cikin ɗan sahu, ko saukowa bai yi ba.

"Shigo mu je. Ke kika ja layukan nan, ke za ki miƙa."

Na aika wa shugabar makaranta saƙo na shiga.

Likitan ya karɓi ainihin takardar gidan gwajin, ita ya fara karantawa, sannan ya dubi tawa ya gyaɗa kai ya ajiye ta gefe. Ya auna hawan jinin Yaya, ya yi masa tambayoyin da ko a mafarki ba za su zo mini ba: wane maganin ciwon jiki yake sha, ko yana shan jiƙe-jiƙe, yaya ganinsa, yaya tafin ƙafarsa. Ya ce ba zai yanke magana da gwaji ɗaya ba. Ya rubuta a maimaita, ya ƙara da na fitsari, da wani da ke nuna yadda sukarin ya kasance a 'yan watannin baya. Da muka koma da waɗannan, shi ya faɗi sunan abin, a hankali, yana kallon Yaya ido cikin ido. Ciwon suga ne, kuma ƙodar tana bukatar a sa mata ido tun yanzu. Ya ɗora shi a kan magani, ya ce bana kam kada ya yi azumi, sai an ga yadda jikin ya daidaita. Yaya bai tashi ya bar wurin ba. Hularsa kawai ya cire ya mayar.

Ya tambayi limamin unguwarsu, aka gaya masa abin da kowa ya sani, cewa Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame. Ya ce ya ji.

Ranar farko ta azumi na tashi daga makaranta da azahar na biya ta shago. Layin ya yi tsit, 'yan kasuwa sun miƙe a kan dilolinsu, masu tazbaha na ja, masu gyangyaɗi na yi. Ban ga Yaya a kan benci ba. Na leƙa ciki na hango shi can ƙurya, bayan tarin atamfa, zaune a ƙasa. Ga ƙaramar kula da matarsa ta haɗo masa a gabansa, ga ƙwayar maganin a tafin hannunsa, bai buɗe ba, bai sha ba. Mutumin da ya riƙe gida guda, na gan shi ya rasa yadda zai yi da cokali. Tausayinsa ya kama ni.

Ya ɗago ya gan ni. A hankali ya ce, "Malama, tsaya min a bakin ƙofar nan. Kar wani ya leƙo."

Na koma na tsaya a ƙofar, na juya masa baya, na baza mayafina ya tare hanyar. Alhaji maƙwabcinsa ya ɗago daga kan tabarma ya ce, "Malama, ya ibada? Mutumin yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki, Alhaji, amma yana wani uzuri."

A bayana na ji ya yi bismillah. Sannan na ji an buɗe kular.